Ƙashin kifi, "me ya sa" sau biyar, da motocin da ba sa isa a kan lokaci

Duk inda kaya suka saba makara, direba ake fara zargi. Shi ne mutum na ƙarshe da kayan suka bi ta hannunsa, shi dila ke gani a ƙofar shago, kuma galibi ba ya cikin ɗakin taro ranar da ake maganarsa. A kamfanin rarraba kayan masarufi da nake wa aiki a Kano, wanda ke kai katan-katan na taliya da sabulu da man girki ga diloli a Katsina da Zariya da Dutse, an daɗe a kan wannan bayani. An ja kunnen direbobi, an sauya wasu, an ma yanke wa wasu alawus. Kayan Katsina ba su daina makara ba.

Abin da ya warware mana matsalar dabaru biyu ne da suka fito daga masana'antun Japan. Zanen ƙashin kifi na Farfesa Kaoru Ishikawa ne na Jami'ar Tokyo, wanda ya yaɗa shi a shekarun 1960 wajen koyar da ma'aikata kula da ingancin kaya. Tambayar "me ya sa" sau biyar kuma a kamfanin Toyota ta girma, Taiichi Ohno ya bayyana ta a littafinsa na 1978 kan tsarin ƙera motocin kamfanin. Mutane kan ambace su tare kamar abu ɗaya ne, alhali aikinsu daban. Na farko yana baza duk abin da ake zato a gaban kowa, na biyu yana bin zato guda ɗaya har ƙasa. Tsakaninsu kuwa akwai matakin da aka fi tsallakewa, wato duba takardu don a ga wane zato ne ke da hujja.

Zanen kansa ba wuya. Ana jan dogon layi a kan allo, a rubuta matsalar a ƙarshensa na dama, nan ne kan kifin. Sai a fitar da ƙasusuwa shida a karkace, uku sama uku ƙasa: mutane, injina, kayan aiki, hanyar yin aiki, awo, da muhalli. Wahalar tana wajen rubuta kan kifin. Mun fara rubuta "kaya na makara", sai muka ga kowa da abin da yake nufi. Mai tallace-tallace yana ƙirga makara daga ranar da dila ya bugo waya, mai sito yana ƙirgawa daga lokacin da takarda ta iso teburinsa. Sai da muka yi gardama sosai kafin muka tsaya a kan jimla ɗaya: kayan hanyar Katsina da aka yi alkawarin sauke su kafin ƙarfe 2 na rana, amma ba a sauke ba sai bayan hakan ko washegari. Da wannan jimlar, ana iya ɗaukar kowace tafiya a ce ta makara ko ba ta makara ba, babu "a ganina".

Mun kuma dage sai an shigo da direba biyu, da shugaban 'yan dako, da maigadin ƙofa. Da manajoji kaɗai suka zauna, da ƙashin mutane ne zai cika, sauran su zauna fayau. A ƙashin injina aka rubuta tsofaffin tayoyi da mota ɗaya mai yawan zafi. A muhalli aka sa shingayen jami'an tsaro, cunkoson fita daga gari, da ruwan damina. A kayan aiki, ƙarewar wani kaya a sito bayan an karɓi oda. A mutane, direbobi na tsayawa cin abinci ko ɗaukar fasinja. A hanyar yin aiki kuwa, shugaban 'yan dako ne ya yi magana a hankali, yana kallon manajan sito: "Ranka ya daɗe, mu tun asuba muke nan. Zama muke yi, takarda muke jira." Aka rubuta "jiran webil", wato takardar da ke rakiyar kaya zuwa wurin dila. Ƙashin awo ya kusa zama babu komai, domin ba wanda ya taɓa auna lokacin da kowane mataki ke ci.

A nan ne zanen ke yaudarar mutane. Allo ya cika da dalilai sama da ashirin, kowa ya ji an yi aiki, sai a ɗauki hoto a watse. Ko kuma a ce a ɗaga hannu a zaɓi babban dalili, wanda kusan kullum ra'ayin mafi girman muƙami ne ke cinyewa. Duk abin da ke kan allon nan zato ne. Don haka muka nemi abin da aka riga aka rubuta ba don wannan bincike ba: littafin maigadi, inda yake sa lokacin fitar kowace mota, da kwafin webil da dila ke sa wa hannu ya rubuta lokacin da aka sauke masa kaya. Muka jera na wata uku.

Lissafin mai sauƙi ne. Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne, motarmu da lodi takan yi shi cikin awa uku zuwa uku da rabi. Idan direba ne ke wasa a hanya, tazarar da ke tsakanin fita da saukewar farko za ta yi tsawo a ranakun makara. Ba ta yi ba. Tazarar kusan ɗaya ce a ranar da aka makara da ranar da ba a makara ba. Abin da ya bambanta shi ne lokacin fita. A tsari, ƙarfe 7 na safe mota ke barin ƙofa. A mafi yawan tafiye-tafiyen da suka makara, littafin maigadi ya nuna ƙarfe 11 ko bayan haka. Lalacewar mota da ruwan sama sun bayyana, amma jefi-jefi. Wani abu kuma ya fito wanda babu wanda ya rubuta shi a allo: Litinin ta fi kowace rana muni, Talata na bi mata.

Da wannan hujjar muka ɗauki ƙashi ɗaya kacal, muka fara tambaya. Me ya sa kayan ke isa bayan ƙarfe 2? Saboda mota na fita ƙarfe 11 maimakon 7. Me ya sa take fita a makare? Saboda ba a yi lodi da yamma ba, kuma da safe ma ba a farawa sai webil ya fito. Me ya sa webil ba ya fitowa da wuri? Saboda ofishin kuɗi ba ya sakin oda sai ya tabbatar kuɗin dila sun shiga asusu, kuma mota ɗaya kan ɗauki kayan diloli biyar ko shida, don haka oda ɗaya da ba a tabbatar ba tana riƙe motar gaba ɗaya. Me ya sa tabbatarwar ke kai wa hantsi? Saboda mutum ɗaya ne ke da izinin buɗe asusun banki, ƙarfe 8 yake zuwa, sannan ya bi kuɗin da suka shigo ɗaya bayan ɗaya yana haɗa su da oda, da yawa kuma an turo su ne da sunan yaron shago ko mai POS, sai an buga waya an tambaya na wane ne.

A wannan gaɓar wani ya ce to ai an gano, akanta ne. Wannan shi ne direban da aka zarga jiya, an sauya masa riga kawai. Idan amsa ta tsaya a kan sunan mutum, tambayar da nake yi ita ce: da za a ɗauke shi a zaunar da wani haziƙi a kujerar, gobe motar za ta fita ƙarfe 7? Ba za ta fita ba. Sai muka yi ta biyar: me ya sa ake barin tabbatar da kuɗi har safiyar ranar tafiya? Saboda babu lokacin rufe karɓar oda. Masu tallace-tallace na sa oda a motar gobe har dare, diloli na turo kuɗi bayan sun rufe shago, dokar "a tabbatar kafin a saki kaya" kuwa an kafa ta tun zamanin da dila ke kawo takardar banki da hannunsa da rana. Yadda ake biya ya sauya, dokar ba ta sauya ba.

Akwai gwaji biyu da ke nuna ko sarƙar ta riƙe. Na farko, a karanta ta daga ƙasa zuwa sama da "saboda haka" a tsakani, a ji ko akwai inda aka yi tsalle. Na biyu ya fi ƙarfi: tushen da aka samu ya iya bayyana abin da ba a tambaye shi ba. Namu ya bayyana Litinin, domin kuɗin Asabar da Lahadi duk ranar suke taruwa a kan tebur ɗaya. Ya bayyana Talata ma. Motar da ta fita ƙarfe 11 ranar Litinin takan tarar da shagon ƙarshe a rufe, ta kwana a Katsina, ta sauke da safe, ta dawo Kano bayan lokacin da ya kamata a ce ta sake fita.

Biyar ɗin ba ƙa'ida ba ce. Misalin da Ohno ya bayar na injin da ya tsaya ne, aka bi shi daga fiyus da ya ƙone har zuwa famfon mai da ba a sa masa matata ba, kuma a inji sarƙar kan tafi ɗoɗar. A aikin da ya ratsa ofisoshi tana yin rassa. Tambayarmu ta uku amsa biyu gare ta, jinkirin tabbatarwa da kuma riƙe mota saboda oda ɗaya, kowace da nata maganin. Wanda ya bi reshe ɗaya ya manta ɗayan zai ga sauƙi na ɗan lokaci ne kawai. Kuma duk "saboda" da aka faɗa, mun je mun gani da ido ko a takarda kafin mu wuce gaba. In ba haka ba, mutum biyar za su fito da tushe biyar, kowa ya tsaya inda bai taɓa ofishinsa ba.

Gyaran bai ci kuɗin a zo a gani ba. Aka rufe odar gobe da ƙarfe 3 na rana, a tabbatar da kuɗi kafin 4:30, a yi lodi da yamma. Aka ba mutum na biyu izinin ganin asusu ba tare da ikon fitar da kuɗi ba. Aka nemi diloli su riƙa sa lambar oda a bayanin taransifa. Odar da ba a tabbatar ba ta koma motar jibi, ba ta riƙe kayan kowa. Masu tallace-tallace sun ji zafin wannan, kuma da gaskiyarsu, domin akwai dilan da ya saba bugo waya bayan isha'i a ce masa an gama, kuma an rasa wasu odojin a makonnin farko.

Awon da muka riƙe shi ne lokacin fita a littafin maigadi, ana karanta shi kowace safiya, ba a jira ƙorafin dila. Fita kafin 7:30 ta zama abin da aka saba. Makarar ba ta ƙare kwata-kwata ba. Wadda ta rage ta tattaru a kan motar nan mai zafi da kuma kayan da ke ƙarewa a sito bayan an karɓi kuɗinsu, kuma yanzu da babbar ta kau ana ganinsu sarai a takarda. Na biyun muke bi a halin yanzu, mun kai tambaya ta uku: me ya sa adadin katan da ke cikin kwamfuta ba ya daidai da wanda ke jibge a sito ranar Alhamis.