Layin ƙarshe na tambaya: darussa daga jarrabawar manyan masu tsara gajimare

Mafi ciwon faɗuwa a jarrabawar manyan masu tsara gajimare ta AWS, sashen Amazon mai ba da hayar sabobi ta intanet, ita ce ta mutumin da ya san aiki. Ya shekara biyar ko shida yana riƙe da sabobi, shi ake tasa cikin dare idan tsari ya tsaya, ya shiga ɗaki da ƙarfin gwiwa, sakamako ya fito ya ga ya tsaya ƙasa da 750, makin da ake ci da shi. Da ka zauna da irinsa kuka bi tambayoyin gwaji ɗaya bayan ɗaya, kusan kullum cuta ɗaya za ka tarar: yana zaɓar ginin, wato tsarin sabobi, da shi zai so ya gina, alhali tambayar ginin da kamfanin cikin labarin zai iya biya take nema.

Jarrabawar AWS ta wannan mataki, SAP-C02, tambayoyi 75 ce a minti 180. Sittin da biyar ake ba wa maki, goma gwaji ne kawai, kuma ba a nuna maka waɗanne ne. Kowace tambaya labari ce mai sakin layi ɗaya ko biyu, sai amsoshi huɗu ko fiye, kowacce da tsawonta. Wahalar ita ce sau da yawa biyu ko uku daga cikin amsoshin za su yi aiki in an gina su. Abin da ke raba su yana cikin layin ƙarshe, inda ake rubuta wata kalma da manyan haruffa.

A ɗauki misali. Wani kamfani yana da manhajar karɓar oda a kan EC2, sabobin haya na AWS, rumbun bayanansa kuma yana kan Amazon RDS for PostgreSQL, duk a yanki ɗaya. Masu kamfanin suna son in yankin gaba ɗaya ya faɗi, aiki ya dawo a wani yankin. An ba da lambobi biyu: RPO minti 5, RTO awa 1. Na farko yana nufin iyakar bayanan da za a iya jure asararsu, wato kada a rasa fiye da odar minti biyar na ƙarshe. Na biyu kuma iyakar lokacin da za a yi a kwance kafin a tashi. Sai tambayar ta rufe da cewa a zaɓi hanyar da take `MOST cost-effective`, wadda ta fi sauƙin kuɗi ke nan.

Amsa ta farko ta ce a riƙa ɗaukar hoton rumbun, wato kwafin yadda yake a lokacin, kowane awa shida ana kwafa zuwa yanki na biyu. Ita ce mafi araha, kuma tana jan wanda idonsa ya tsaya kan kuɗi kaɗai. Amma in yankin ya faɗi awa biyar bayan hoton ƙarshe, odar awa biyar ta tafi, ga shi an ce minti biyar. Ta fita.

Ta biyu ta ce a kunna Multi-AZ. Wannan tana kama waɗanda suka haddace cewa duk inda aka ce kada tsari ya tsaya, Multi-AZ ce magani. Tana ajiye rumbun ko-ta-kwana a wata shiyya ta daban, amma cikin yanki ɗaya. Ba ta taɓa abin da aka tambaya ba ko kaɗan.

Ta uku ta ce a kafa rumbu mai kwaikwayo a yanki na biyu, wanda bayanai ke kwarara cikinsa a kai a kai, a kwafa hotunan sabobin can, a ajiye tsarin ginin a CloudFormation, hidimar da ke tayar da gini daga rubutaccen tsari, amma kada a kunna sabobin manhajar sai ranar tsautsayi. Ran nan a ɗaga rumbun ya zama babba, a tayar da sabobi, Route 53, mai nuna wa masu shigowa adireshi, ya karkatar da su can.

Ta huɗu ta ce a koma Aurora Global Database, rumbun AWS mai kwafar kansa zuwa wasu yankuna, a kunna cikakkun sabobi a yankunan biyu dare da rana. A nan ƙwararre ke faɗawa rami. Ya san kwafin Aurora tsakanin yankuna yawanci bai kai daƙiƙa ɗaya a baya ba. Ya taɓa ganin tayar da sabobi daga sanyi ya ci tura saboda wani abu da aka manta ba a kwafa ba, kuma ya rantse ba zai sake yarda da ginin da ba ya kunne ba. Hannunsa da kansa zai kai ga ta huɗu. A wajen aiki ma ba lallai a ce ya yi kuskure ba. Amma takardar ta ba shi awa guda cur, kuma ta ce a rage kuɗi. Ta uku ta cika minti biyar ɗin, ta cika awa ɗayan, ba a kuma biyan sabobin da ke zaune ba aiki. Ita ce amsa.

Yanzu a taɓa lamba ɗaya kawai. In RTO ya koma minti 5, ta uku ta mutu, domin ɗaga rumbu da tayar da sabobi daga babu da ƙyar su kammala a wannan ɗan lokaci, dole a samu wasu sabobi ko kaɗan ne suna kunne a can. In kuma layin ƙarshe ya koma `LEAST operational overhead`, wato wadda ta fi rage wa ma'aikata ɗawainiya, nauyi sai ya karkata ga abin da AWS ke tafiyarwa da kanta, ko da ya fi tsada, a guji duk amsar da ke cewa a rubuta wani ɗan shiri a riƙa kula da shi. Labari ɗaya, amsoshi uku daban-daban. Shi ya sa masu haddace tambayoyin da aka sato suke zubewa: sun riƙe fuskar labarin, an canja musu lamba ɗaya a ciki.

Gyaran wannan cuta ba ƙarin karatun hidimomi ba ne. Tsarin karanta tambaya ake canjawa. A fara da layin ƙarshe, a san mizanin da za a auna amsoshi da shi. Sannan a hau sama a tsinto ƙa'idojin da ba a tsallakewa: lambobin lokaci, dokar da ta hana bayanai fita wata ƙasa, ko jimlar da ke cewa ba a son a taɓa rubutun manhajar. Da waɗannan ake kashe amsoshi, galibi biyu sukan faɗi nan take. Sai a ƙarshe a auna biyun da suka rage da mizanin. Wanda ya fara da auna kuɗi zai ɗauki ta farko, wanda ya fara da ƙaunar inganci zai ɗauki ta huɗu, dukansu sun rasa makin.

Gaskiya akwai abin haushi a nan, ba sai an ɓoye ba. A wajen aiki mai tsara gini yana da bakin tambaya: wa ya yanke awa ɗayan nan, an taɓa gwada shi kuwa? A ɗakin jarrabawa babu wanda za ka tambaya. Duk abin da ba a rubuta ba, babu shi. Ƙwarewar da ke sa mutum hango matsalar da ba a ambata ba, ita ce ke cinye masa maki.

Sai maganar wa ya kamata ya zauna. A kan takarda ƙa'idojin sun bambanta. AWS ta cire sharaɗin riƙe ƙaramin satifiket tun 2018, shawara kawai take bayarwa cewa mutum ya yi shekara biyu ko fiye yana tsara gini a kanta. Google ma ba ta da sharaɗi ga Professional Cloud Architect, tana dai son shekara uku a fagen, ɗaya aƙalla a kan Google Cloud. Microsoft ce ta kafa ƙofa: ko ka ci AZ-305, ba za a ba ka Azure Solutions Architect Expert ba sai kana riƙe da Azure Administrator Associate, wanda ake samu ta AZ-104. A ganina Microsoft ta fi gaskiya. Rashin sharaɗi ya sa mutane suna ɗauka ƙofar a buɗe take ga kowa.

Kuma sau da yawa ba sabon ma'aikaci ne ke kai kansa ba. Matakin haɗin gwiwar kamfani da masu gajimare yana dogara a kan yawan ma'aikatansa masu satifiket, don haka sai shugaban sashe ya dubi wanda bai cika shekara da fara aiki ba, ya ce nan da mako shida a kawo masa na ƙwararru. Yaron bai taɓa ganin ƙungiya mai asusu talatin ba, bai taɓa ƙaurar da rumbun da ke aiki ba, alhali kashi 26 cikin ɗari na SAP-C02 a kan sarƙaƙiyar manyan ƙungiyoyi yake, kashi 20 kuma a kan ƙaura da sabunta tsofaffin tsare-tsare. In ya faɗi, sunansa ake rubutawa a rahoton ƙarshen shekara. Na shugaban ba ya fitowa.

Ma'aunin da ya fi ƙirga shekaru shi ne wannan: ka ɗauki tambayar gwaji, ka rufe amsar, ka faɗi da bakinka dalilin da ya kashe kowace daga cikin ukun da ba daidai ba. In kana iya gano ta daidai amma ba ka iya kashe sauran, sa'a kake ci, kuma ba ta ɗaukar mutum tambaya 75. Wanda aikinsa bai wuce asusu ɗaya da yanki ɗaya ba, ya tsaya a matakin ƙasa tukuna, babu kunya a ciki.

Sauran darussan ƙanana ne. Minti 180 a kan tambaya 75 minti biyu da daƙiƙa 24 ke nan kowacce, don haka wadda ta ci minti huɗu a sa mata alama a wuce. Wanda Ingilishi ba harshensa na farko ba yana da damar neman ƙarin minti 30 a AWS, amma a asusunsa ake nema kafin ya zaɓi rana. Kada a bar tambaya babu amsa, ba a rage maki don kuskure. A tambayoyin ƙaura a yi lissafi da hannu: terabayit 50 a kan layi mai megabit 200 a daƙiƙa zai ci wajen kwana 23, to in an ce mako biyu, duk amsar da ta dogara a kan layin nan ta fita. SCP, dokar da ƙungiya ke ɗora wa asusunta na AWS, ba ya ba da izini, iyaka kawai yake sawa, kuma ba ya kama asusun gudanarwa.

A AZ-305, in ka fita daga sashen dogon labarin kamfani ba a komawa, ka gama dubawa kafin ka danna gaba. Google kuma tana wallafa labaran kamfanoninta tun kafin ranar, don haka wanda ya fara karanta su a ɗakin jarrabawa shi ya ja wa kansa. In an faɗi ta AWS, sai an jira kwana 14 kafin a sake zama, kuma takardar sakamakon tana nuna sassan da mutum ya gaza, daga nan ake fara bita.