Abin da Aka Rubuta a Takarda Shi Ne Naka

Da na fara aiki a ofishin lauya, na ɗauka kuɗin hatimi da kuɗin rajista abu ɗaya ne. Ashe kowa da gidansa. Kuɗin hatimi haraji ne da ke kan takardar cinikin kanta, ana lissafa shi gwargwadon darajar kadarar. Kuɗin rajista kuwa ladan shigar da sunanka ne cikin kundin mallaka. Hatimi ake fara bugawa, domin magatakarda ba ya karɓar takardar da ba a biya mata haraji ba.

Wanda ya koya mini sauran karatun wani mai sayen gida ne. Miliyan 10 ya biya, amma ya roƙi a rubuta miliyan 4. Mu ƙaddara harajin kashi 3 cikin ɗari ne: maimakon 300,000, zai biya 120,000 ke nan. Maigidana ya dube shi ya ce, "Alhaji, ni dai ba da hannuna ba." Ya tattara takardunsa ya tafi inda za a yi masa yadda yake so.

Bayan wata takwas sai ga shi ya dawo, jiki a sanyaye. Da farko dai dabarar ba ta ci ba, don hukuma ba ta dogara da bakin mai saye. A wurare da dama tana tura mai ƙiyasta daraja ya duba gidan, sannan a ɗora haraji a kan wanda ya fi yawa tsakanin kuɗin da aka rubuta da darajar kasuwa. Cikakken haraji ya biya. Ga kuma tara a kai, domin wa'adin buga hatimi daga ranar sa hannu ake ƙirga shi, shi kuwa takardar ta yi watanni tana kwance a durowa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ana cikin haka magada suka taso, suka ce wanda ya sayar ba shi kaɗai ke da gidan ba. Alhaji ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Takardar da ya sa wa hannu, gaban shaidu, miliyan 4 ta ce. Sauran 6 ɗin a hannu ya miƙa su, babu rasit, babu shaidar banki. Ina kallon maigidana yana juya takardar gaba da baya, kamar wani adadin zai ɓullo daga bayanta.

Haya ta dogon zango ma haka take: ana duba kuɗin da aka biya a dunƙule, da na shekara, da yawan shekarun. Masu rage shekaru a rubuce don harajin ya sauka, ranar rigima shekarun da suka rubuta kotu za ta fara karantawa.

Yanzu kafin in buga takardar ciniki, sai na ga shaidar biyan kuɗin, in ɗora ta kusa da adadin da aka ce in rubuta.