Yadda na ƙirga fentin murabba'i da ƙa'idar Burnside

Tambayar da na zauna a kanta ita ce, murabba'i mai kusurwa 4, kala 3 gare ka, ja da kore da shuɗi, kowace kusurwa ka shafa mata kala ɗaya, fenti nawa ne daban in har wanda aka juya ya koma kamar wani ana ɗaukarsu abu ɗaya. In ba a juyawa 3×3×3×3 ne, wato 81. To juyi 4 ne, mutum zai ce a raba 81 gida 4 kawai, sai ka ga 20.25 ta fito, ai ko babu rubu'in fenti. Dalili kuwa, wanda duk ja ne ko ka juya shi sau nawa yana nan yadda yake, ba ya da 'yan'uwa huɗu kamar yawancinsu.

Ƙa'idar (Burnside ake laƙaba wa, amma Cauchy da Frobenius sun riga shi) cewa ta yi ka bi kowane motsi, ka ƙirga fentin da motsin bai canza ba, ka haɗa, ka raba da yawan motsin. Rashin motsi ma motsi ne fa, shi ya bar duka 81. Digiri 90 kowace kusurwa tana komawa gurbin ta gaba, dole duka huɗun su zama kala ɗaya, 3 kenan, 270 ma 3. Digiri 180 kusurwoyin da ke kallon juna ne ke musanya, rukuni biyu, 3×3=9. Jimla 96, raba 4, 24.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a nan, ba sai na yi ta zana hotuna ba, rukunin kusurwoyin da ke bin juna kawai nake ƙirgawa, kowane rukuni ya ci kala ɗaya, shi kenan.

Sai na ce to in an yarda a kifa shi fa, kamar sarƙar wuya mai dutse 4? Motsi ya zama 8. Kifawa ta kan kusurwa zuwa kusurwa guda biyu ce, kusurwa biyu na zaune, biyu na musanya, rukuni 3, 27 kowace. Ta tsakiyar gefe ma biyu ce, 9 kowace. 96+54+18=168, raba 8, 21.

Ina ukun suka tafi? Na bi su ɗaya ɗaya don hankalina ya kwanta: ja, ja, kore, shuɗi da ja, ja, shuɗi, kore juyi ba zai taɓa haɗa su ba amma kifawa na haɗawa, kuma kalar da aka maimaita tana iya zama kowace cikin ukun. Da kala 2 kuwa ba za ka ga wannan bambancin ba sam, ko ka kifa ko ba ka kifa ba 6 ce amsar, shi ya sa ban so a koya da kala 2 kaɗai.

In jimlarka ta ƙi rabuwa daidai to akwai motsin da ka tsallake ko rukunin da ka ƙirga ba daidai ba. Amma rabuwar ba shaida ba ce, cire kifawar gefe biyun nan ka gani, 150 raba 6 ta ba ka 25 sumul, kuma ƙarya ce.