Tumatir ɗin da sanyi ya yi wa yawa, da yadda na nemi takardar ɗakin ajiya

Lokacin da tumatir ya cika kasuwar Kwanar Gafan kuɗinsa ya faɗi, na kai kwandunan roba 80 wani ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a yankinmu na Garun Malam. Tumatir ne da ya ƙosa amma bai gama ja ba, irin wanda ke son digiri 12 zuwa 13. Haka muka yi da manaja, aka rubuta a bayan rasit. Na kuma tura wata 'yar na'ura tawa cikin kwando ɗaya, mai rubuta sanyi duk bayan minti 15.

Bayan kwana goma na ɗebi rabi, ya fito sumul. Sai da ya kwana biyu a waje dillali ya kira ni: tumatir ya ƙi ja sosai, fatarsa ta yi 'yan ramuka, wani ya yi ruwa-ruwa, baƙin tabo ya fara fitowa ta wajen gindi. Haka sharrin sanyi yake ga tumatir, sai ya sha iskar waje yake nuna kansa, lokacin da mai ɗaki ya riga ya ce kaya sun bar hannunsa lafiya. Da na sa na'urar a kwamfutar wani yaro mai shagon buga takardu, sai ga shi: kwana uku na farko digiri 12, daga nan ya sauka zuwa 4 da 5 ya zauna kwana bakwai. Tumatir kuwa idan ya yi kusan mako a digiri 5, an riga an cuce shi.

Na fara kiran manaja a waya, don kada ya ga takarda kwatsam ya ɗauka faɗa na zo da shi. Ya ce, "Alhaji, ai ɗakinmu bai taɓa mutuwa ba." Na ce, "Malam, ni ma ban ce ya mutu ba, aiki ya yi har ya wuce gona da iri."

A ranar na rubuta. Na sa lambar rasit, rana da lokacin da kaya suka shiga, yawan kwanduna, digirin da muka amince da shi, da abin da na'urata ta nuna, haɗe da hotuna. Ban ambaci kuɗi ba ko kaɗan, domin da zarar an ji maganar diyya, takardu kan yi wuyar samuwa. Abin da na roƙa shi ne kwafin littafin da suke rubuta sanyi da hannu, da bayanan na'urar ɗakin kamar yadda ta fitar da su, tun daga kwana ɗaya kafin kayana su shiga har ranar. Na tambayi inda ma'aunin ɗakin yake rataye, da ko wani ya taɓa saitin injin a tsakanin. Na nemi a ciro bayanan cikin kwana biyu, saboda wasu na'urorin idan suka cika, sabon rubutu yake hawa kan tsoho. Ragowar kwanduna 40 na ce a bar su inda suke mu duba tare. Ya sa hannu a kwafina da kwanan wata.

Littafinsu ya nuna digiri 8 safe da yamma, tawa ta ce 4 zuwa 5. Ba wanda ya yi ƙarya. Ma'auninsu yana kusa da ƙofa inda iskar waje ke shiga, kuma da rana ake dubawa, ana ta buɗewa da rufewa. Kwandona kuwa yana can ƙarƙashin fankar da ke huro sanyi. Amma ko 8 ɗin nasu ba shi ne 12 da ke bayan rasit ba, kuma ranar da lambar ta faɗi a littafinsu ita ce ranar da ta faɗi a tawa. Da aka bi diddigi, ranar ce aka kawo lodin karas da kabeji, waɗanda ke son sanyi kusa da sifiri, mai tsaron ɗaki ya rage digiri dominsu.

Manajan ya yi wata magana da na ga gaskiyarta: na'ura ɗaya shaidar wuri ɗaya take bayarwa, ba ta ɗakin duka ba. Muka sa bakin ma'auninsa cikin ruwan da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara, ya nuna sifiri kamar yadda ya kamata, sannan muka ajiye shi gefen tawa na ɗan lokaci, suka zo daidai. Daga nan muka ware kwandunan layin fanka da na kusa da ƙofa, aka fitar da kaɗan daga kowane ɓangare suka kwana biyu a inuwa. Na layin fanka suka yi ramuka, na bakin ƙofa suka ja, ko da yake ba su yi kyan launi ba.

A kan haka aka yi lissafi. Suka yafe kuɗin ajiya, muka raba asarar kwandunan layin fanka gida biyu. Yanzu na'ura biyu nake sawa, ɗaya ƙarƙashin fanka ɗaya kusa da ƙofa, kuma kafin in sauke kaya sai na tambayi me ke cikin ɗakin da me ake jira a kawo.