Abin da ke bayan kwalbar man shafawa

Tun da na koyi karanta jerin sinadaran da ake bugawa da ƙananan haruffa a bayan kwalbar man shafawa, na daina barin rubutun gaba ya yanke mini hukunci, domin gaban kwalba talla ce, bayanta kuwa shi ne inda doka ta tilasta wa kamfani ya faɗi abin da ya zuba. Hunturun Zariya ne ya kai ni ga wannan karatu. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa ƙwarai, fata ta yi fari fat, duga-dugai su yi faso, kuma mai alwala sau biyar a rana yana wanke ɗan maiƙon da hannuwansa da ƙafafunsa suka tara kafin ya yi musu amfani.

Abu na farko da na gane shi ne jerin ba a hargitse yake ba. Ƙa'idar da ake bi a Turai da Amurka, wadda yawancin kayan da ke shigowa kasuwanninmu suke bi, ita ce a fara da sinadarin da ya fi yawa, a bi da na ƙasa da shi, a haka har a iso ga waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, su kuwa waɗannan an yarda a jera su yadda aka ga dama. Saboda haka sunaye biyar ko shida na farko su ne kusan dukan abin da mutum ya saya. Mafi yawan lokuta na farko Aqua ne, wato ruwa, kuma wannan ba ha'inci ba ne, haka ake haɗa kirim da loshan. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo bayan ruwan.

A nan nake neman ayyuka iri uku. Akwai sinadaran da ke jawo ruwa su riƙe shi a saman fata, manyansu su ne Glycerin da Urea. Akwai masu tausasa fata su cike tsagogin da ke sa ta kaushi, kamar Butyrospermum Parkii Butter, wanda shi ne man kaɗanyarmu da aka ba wa sunan Latin, da Caprylic/Capric Triglyceride. Sannan akwai masu rufe fata su hana ruwan tsirarewa, wato Petrolatum, wanda muka sani da basilin, da Paraffinum Liquidum da Dimethicone. A ganina wannan rukuni na uku shi ne wanda mazaunin Zariya ya fi bukatar ya tabbatar da shi a lokacin hunturu, domin idan iska ba ta da danshi, ruwan da gilisarin ya jawo ba ya daɗewa sai an sami abin da ya rufe shi. Shi ya sa wani loshan yake da daɗin shafawa da safe, amma kafin azahar ƙafa ta koma fari kamar ba a taɓa ta ba.

Na gwada wannan karatu a kan mayuka biyu da na ɗauka a wani shago a kasuwar Sabon Gari. Na farko an zana ƙwallon kaɗanya a gabansa, an rubuta sunanta da manyan haruffa, kuma ya fi ɗayan tsada. Da na juya shi sai na ga ruwa, sai Glycerin, sai sinadaran da ke haɗa ruwa da mai, sai Parfum, sai Phenoxyethanol, man kaɗanyar kuwa yana can kusa da ƙarshe. Phenoxyethanol sinadari ne na hana mai lalacewa, kuma dokar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 1 cikin 100 ba, don haka duk abin da aka rubuta bayansa shi ma bai wuce wannan adadi ba. Ma'ana, a kwalba mai cin giram 400, man kaɗanyar da aka yi tallar da shi bai fi giram 4 ba, abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Na biyun ba shi da wani ado, amma jerinsa ya fara da ruwa, Petrolatum, Glycerin, Cetearyl Alcohol, Dimethicone, kuma babu turare. Shi na saya, ina shafa shi da zarar na fito wanka tun jiki da sauran laima, kuma ya riƙe mini fata har dare.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Ba duk abin da ya zo gaban Phenoxyethanol ne ya wuce kashi 1 ba, tunda a cikin sinadaran da ba su wuce wannan adadi ba kamfani yana iya gabatar da sunan da ya fi jan hankali. Haka kuma zuwa a ƙarshen jeri ba kullum yake nufin rashin amfani ba, domin Sodium Hyaluronate yana aikinsa ne da ɗan kaɗan. Man kaɗanya kuwa sai da yawa yake aiki. Jerin kuma ba ya faɗin adadi, alhali ga Urea adadin ne magana: kashi 5 zuwa 10 yana ba fata danshi, abin da ya kai 20 ko fiye kuwa kaushi yake narkarwa, kuma yana iya yin raɗaɗi a kan faso mai buɗewa.

Kalmar Alcohol tana ruɗa mutane da yawa. Cetyl Alcohol da Cetearyl Alcohol abubuwa ne masu kama da kakin zuma, suna kaurara mai suna tausasa fata. Wanda nake guje wa a saman jeri shi ne Alcohol Denat., domin yana saurin bin iska kuma yana ƙara busar da fatar da dama a bushe take. Parfum ko Fragrance kuwa suna ne guda da ke iya ɗauke da sinadarai masu yawa, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ƙanwata tana da fata mai saurin bori, don haka duk sabon mai sai ta shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu na wasu kwanaki kafin ya kai fuskarta.

Akwai sunayen da idan na gan su nake mayar da kwalbar nan take: Hydroquinone, Clobetasol Propionate, Betamethasone, da duk abin da ke ɗauke da Mercury. Na tsakiyan nan biyu magunguna ne masu ƙarfi da likita ke rubutawa don cutar fata na ɗan lokaci, kuma shafa su kullum yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta fito. Abin da ya fi damuna shi ne masu haɗa man bilicin sau da yawa ba sa rubuta su ko kaɗan. Saboda haka man da ba shi da jerin sinadarai, ko ba shi da lambar NAFDAC, ko aka ɗura shi a roba marar suna ana cewa haɗi ne na musamman, ba na saya kuma ba na bari a shafa wa yaran gidanmu. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan haɗi, idan ta daina kwatsam fuska takan yi ja ta feso da ƙuraje, don haka ya fi kyau ta ɗauki robar ta kai wa likitan fata, kamar waɗanda ke asibitin koyarwa na Shika, ya tsara mata yadda za ta rabu da shi a hankali.