Silaid 42 a takarda ɗaya gaba da baya

Ofishinmu na mutum uku ne, sana'armu gyaran rubutu da tsara takardu. Wani aikin da ke yawan zuwa mana shi ne wanda mai shi ke kira ɗan ƙaramin aiki: ya gabatar da maƙala a taron ƙara wa juna sani, mahalarta sun ce a ba su takarda, sai ya turo mana fayil ɗin PowerPoint ya ce a mayar masa handawut, a sa muhimman batutuwa a sama, manazarta a ƙasa. A zatonsa aikin awa guda ne. Ni ma da haka nake zato. Can farko abin da nake yi shi ne in shiga `File`, in je `Export`, in danna `Create Handouts`, silaid ɗin su zubo cikin Word, in daidaita in miƙa. Na daina ne ranar da na ɗauki irin wannan takarda da na yi wata biyu baya, na karanta, na rasa gane abin da take faɗa, alhali ni na tsara ta.

Dalili kuwa, silaid rabin jawabi ne. Sauran rabin yana bakin mai magana, ranar taron ya fita ya bi iska. Silaid zai ce "ƙalubale uku" da kalma ɗai-ɗai a ƙasa, mai jawabi ya yi minti huɗu yana warware su. Wanda ya ɗauki takardar bayan mako shida ba shi da wannan minti huɗun.

Wata Dakta ta turo mana silaid 42 na jawabin minti 20 a kan koyar da karatu ga ƙananan yara. Takarda ɗaya take so, A4, gaba da baya. Abu na farko da na duba shi ne wurin `Notes` da ke ƙarƙashin kowane silaid, inda wasu ke rubuta abin da za su faɗa. Nata wayam, sai a silaid biyar kawai. Na kira ta na ce, "Ranki ya daɗe, an naɗi jawabin?" Ba a naɗa ba. Sai na roƙe ta ta sake yi mini shi ta waya, ina bin silaid ɗin ina rubutu. Ta ɗan yi ƙorafi, amma ta yi. Duk inda na ji ta ce "abin da nake nufi a nan shi ne", sai in ja layi, don galibi abin da ya biyo baya shi ne gundarin maganar, kuma ba ya kan allo.

Daga nan yankan ba wuya. Silaid na take, na godiya, na raba sassa da hotunan ado sun kai 11, suka tafi. Wasu tara zane ɗaya ne da ake ƙara masa layi a hankali, suka koma ɗaya. Abin da ya rage ya taru ƙarƙashin batutuwa huɗu. Sharaɗina a kan kowane batu shi ne ya zama cikakkiyar jimla da mutum zai iya cewa ya yarda ko bai yarda ba. "Horar da malamai" kan magana ne, ba abin da aka ce tukuna. "Horo na kwana ɗaya ba ya canza yadda malami ke koyarwa sai an bi shi aji an duba" magana ce, ana iya musu a kai. Ƙarƙashin kowace na sa jimla biyu ko uku na hujja, da madogararta.

Manazartar ce ta cinye mana yini biyu. A silaid, mutane suna rubuta sunan marubuci ɗaya, "et al.", wato "da sauransu", da shekara, da ƙananan baƙaƙe a kusurwa, shi ke nan. Mun ƙirga irin waɗannan 17. Mataimakiyata ta bi su ɗaya bayan ɗaya a shafukan neman maƙalu na Google Scholar da Crossref, tana ciro cikakken sunayen marubuta, taken maƙala, sunan mujalla, kundi, shafuka da lambar DOI, wato lambar da ke kai mutum ga maƙalar a intanet, wadda kullum da 10 da ɗigo take farawa. Kowace lamba sai mun manna ta bayan `https://doi.org/` mun ga ta buɗe takardar da muke nufi, domin harafi ɗaya ya faɗi wajen kwafi, mai karatu ya tarar da shafin da babu komai. Dakta ta zaɓi tsarin APA na rubuta manazarta, saboda haka jerin ya bi haruffan sunayen marubuta, kuma da muka tarar marubuci ɗaya yana da maƙala biyu a shekara guda, muka bambanta su da a da b bayan shekarar. Sai da muka koma mata ta faɗa mana wacce take nufi a wane silaid, ita ma sai da ta duba.

Cikin 17 ɗin, 14 sun fito lafiya. Ɗaya shekarar ce ba daidai ba. Ɗaya ashe hira ce ta yi da wani abokin aikinta, kuma a APA irin wannan ba ya shiga jerin manazarta, a cikin rubutu kawai ake ambatarsa, tunda mai karatu ba shi da inda zai je ya same shi. Ta ukun ce ta sa nake ba da wannan labari. Silaid ya ce karanta wa yara littafi a gida "yana ƙara" musu ƙwazo. Da na buɗe maƙalar, masu binciken cewa suka yi sun ga alaƙa tsakanin biyun, kuma da bakinsu suka ja kunne cewa binciken bai nuna ɗaya ne ya haddasa ɗayan ba. A zaure, kalma irin wannan tana wucewa cikin daƙiƙa ashirin, babu mai kama ta. A takarda kuwa tana zaune, da sunan Dakta a sama da lambar DOI a ƙasa, duk mai so zai buɗe ya gwada. Na tura mata sakin layin. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, gyara." Batu na uku ya koma "yaran da ake karanta wa a gida sun fi samun maki, amma ba a tabbatar karatun ne sanadi ba". Ya yi tsawo, ya rage armashi, ni dai na fi samun barci da shi. Tun daga lokacin ba na rufe jerin batutuwa sai an gama bin manazarta.

Zane ɗaya kawai ya samu shiga. Na asalin hoton allo ne da aka ɗauko daga mujalla, a majigi ras yake, a firinta ya fito dishi-dishi, kuma layin ja da kore sun zama toka iri ɗaya a bugun baƙi da fari. Ga kuma batun haƙƙin mallaka, don raba kwafin zanen mujalla ga jama'a yakan buƙaci izini, sai in lasisin maƙalar ya ba da dama. Muka bar shi, muka zana sabo daga alƙaluman Dakta na kanta, layi ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya ɗigo-ɗigo, sunan kowanne a jikinsa. Kafin nan na tambaye ta ko an riga an wallafa alƙaluman, domin akwai masu nuna sakamako a taro amma ba sa so ya fita a takarda tukuna. Ta ce an wallafa.

Gwajin ƙarshe na abokin aikinmu na uku ne, wanda da gangan ba ma nuna masa silaid. Na ba shi takardar, bayan minti biyar na karɓe na ce ya faɗa mini abin da Dakta ta ce. Ya kawo uku daidai. A na huɗu ya tsaya a wasu haruffa uku na taƙaitaccen suna da ta fassara da baki a taron, mu kuma kunnenmu ya saba da su har muka manta ba mu rubuta cikakken sunan ba. Rubuta shi ya ƙara layi ɗaya, layin ya tura manazarta ta ƙarshe zuwa shafi na uku, sai da na datse jimla guda a batu na farko kafin takardar ta koma gaba da baya.