Code 43 a kan faifan ajiya na waje: yadda na gane ba laifin direba ba ne

Faifan ajiya na waje da nake zuba ayyukana a ciki ya daina fitowa a laftof ɗina. In na jona shi fitilarsa ta kama, kwamfuta ta yi ƙarar nan da ta saba yi, can kuma saƙo ya leƙo daga ƙasa cewa USB device not recognized. Na danna Windows da R, na rubuta devmgmt.msc, na buɗe Universal Serial Bus controllers. Ga alamar nan mai ruwan ɗorawa, kusa da ita an rubuta Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed). A cikin Properties kuma: Windows has stopped this device because it has reported problems. (Code 43).

Wannan lamba ba ta faɗin cuta. Abin da take nufi kawai shi ne wani direba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da na'ura, ya kai wa Windows rahoton cewa na'urar ta gaza, ita kuma ta tsayar da ita. Shi ya sa ake ganinta a kan katin hoto, a kan bulutut, a kan filash, alhali dalilansu sun sha bamban. Inda bayanin gaskiya yake shi ne shafin Details, in aka zaɓi Hardware Ids ko Device instance path. Nawa ya nuna USB\DEVICE_DESCRIPTOR_FAILURE, da kuma layi mai farawa da USB\VID_0000&PID_0002.

Sifilin nan guda huɗu su suka faɗa mini ta inda zan bi. Duk na'urar da aka jona, kafin a yi maganar direba, sai kwamfuta ta tambaye ta ko ita wace ce, kamar mai gadi da baƙo a bakin ƙofa. Na'urar tana amsawa da ɗan guntun bayani mai bait 18, a ciki akwai lambar kamfanin da ya ƙera ta, wato VID, da lambar samfurinta, wato PID. Da waɗannan lambobi Windows ke nemo direban da ya dace. In VID ya fito 0000, amsar ce ba ta iso ba, ko ta iso a dagule. Ke nan direban faifan ko taɓa shi ba a yi ba. Wanda ya tafi yana sauke manhajojin da ke alkawarin sabunta direbobi a wannan hali wahalar banza yake yi, wasu ma da tarkace suke zuwa. Amma da a ce lambobin gaskiya ne suka fito tare da Code 43, to na'urar ta gabatar da kanta lafiya, daga baya aka samu saɓani, a nan ne cire direba da sa na kamfanin yake da ma'ana.

Duk da haka akwai direbobin ɓangaren kwamfutar, na ramukan USB ɗin kansu, kuma su ma sukan maƙale. Wanke su ba ya cin lokaci, don haka na fara da su. Na cire faifan, na shiga View, na danna Show hidden devices, na bi duk Unknown USB Device da suka dusashe na yi musu Uninstall device. Daga nan na buɗe kowane USB Root Hub, a shafin Power Management na cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. A Power Options ma na mayar da USB selective suspend setting zuwa Disabled. Na ƙarshe shi ne cire babban mai kula da ramukan, wanda sunansa ke ɗauke da eXtensible Host Controller. A kula, da zarar an cire shi linzami da allon rubutu na USB za su mutu nan take. A laftof da sauƙi, amma mai kwamfutar tebur ya san yadda zai sake tayar da ita tukuna. Windows da kanta take mayar da shi in ta tashi.

Kashewar ma da sharaɗi. In Fast Startup na kunne, Shut down ba ya sauke direbobi gaba ɗaya, ajiye su yake yi ya dawo da su yadda suke, har da matsalarsu. Restart shi ne yake lodin su sabo. Ni na yi amfani da wannan umarni na ƙasa, wanda ke kashe ta gaba ɗaya, sannan na zare caja na bar ta ta ɗan huta:

```
shutdown /s /t 0
```

Ta tashi, na jona faifan, saƙon yana nan daram.

A nan na tsaya da taɓa Windows. Hanya mafi gajarta ta sanin ko laifinta ne ita ce a cire ta daga lissafin baki ɗaya. Ina da filash mai Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows, da ke tashi ba sai an girka ba. Na tashi da shi, na buɗe taminal, na sa wannan umarni kafin in jona faifan:

```
sudo dmesg -w
```

Ina jonawa layuka suka fara zubowa, mafi yawansu wannan:

```
device descriptor read/64, error -71
```

Tsarin daban, direbobi daban, ƙorafi iri ɗaya: an tambayi na'ura sunanta, amsa ta zo a karye. Saura abubuwa uku, ramin laftof, waya, da faifan kansa. Dokar da nake bi ita ce a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, in ba haka ba ko abin ya gyaru ba za a san wa ya warke ba. Na sa wani filash lafiyayye a ramin nan, ya fito ba gardama, sai rami ya fita daga zargi. Na kai faifan da wayarsa wata kwamfuta, can ma Code 43.

Na kara kunnena a jikin faifan ina jona shi. Sai in ji ya fara juyawa, ya yi ƙis, ya tsaya, ya sake farawa. Irin wannan yawanci ƙarancin wuta ne. Ramin USB 2.0 bolt 5 yake bayarwa da miliamfiya 500, na 3.0 kuma 900, kuma faifai mai juyawa ya fi jan wuta a daidai lokacin tashi. Fitila kuwa da ɗan abin da bai kai ya kawo ba take kamawa, don haka kamawarta ba shaida ba ce. In wayar wuta ta fara tsinkewa a ciki, ƙarfin yakan faɗi daidai lokacin da ake tambayar na'urar, allon lantarkin cikinta ya sake tashi, amsar ta yanke. Da na duba wuyan wayar kusa da bakin da ke shiga faifan, robar ta kumbura ta yi laushi, in na lanƙwasa ta kaɗan fitilar sai ta yi ƙifta.

Bakin faifan irin mai faɗin nan ne mai gida biyu, Micro-B na USB 3.0, kuma gidan da ya fi faɗi yana karɓar tsohuwar wayar Micro-USB ta wayoyin hannu. Sai dai ta kasance mai ɗaukar bayanai, don wadda aka yi domin caji kaɗai ko Unknown USB Device ba za ta nuna ba, shiru za a ji. Na samu gajera mai kauri na sa. Faifan ya juya bai tsaya ba, USB Mass Storage Device ya bayyana, VID ɗinsa ya fito da lambobin gaskiya. Gudun ya ragu zuwa na USB 2.0, amma ya isa in kwashe fayilolina zuwa wani wuri kafin in sayi sabuwar waya.

Da a ce sabuwar waya da wata kwamfutar duk sun ba da VID_0000, to zargi ya koma kan allon da ke cikin akwatin. A wasu samfuran ana iya buɗewa a zaro faifan SATA a sa a wani akwati, a wasu kuma bakin USB ɗin a jikin allon faifan aka narka shi, wannan sai mai gyara. Bayan komai ya daidaita na mayar da USB selective suspend setting zuwa Enabled, tunda barinsa a kashe batir kawai yake ci.